Takardar bita: haɗin Claisen da yawan bes ɗin da yake ci

Ƙannena 'yan ajin haɗa magunguna na nan Jidda, ku karanta wannan kafin zamanmu na Alhamis bayan Isha'i, don a nan akasari ake zubar da maki a imtihani.

Haɗin da Ludwig Claisen ya bayyana a 1887 yana ɗaukar esta biyu ya ba da beta-keto esta. Misalinmu etil asetet ne da sodiyam etoksaid:

```
2 CH3CO2Et + NaOEt → [CH3COCHCO2Et]⁻ Na⁺ + 2 EtOH
```

Etoksaid ya cire furoton daga kabon alfa na esta ɗaya, inolet ɗin da ya samu ya afka wa kabonil na ɗayar, sannan etoksaid ya fice. Mai gaggawa zai ce: ai ga bes ya dawo, ɗan kaɗan ma ya isa. Bai isa ba.

Ku dubi pKa. Na haidurojin alfa na esta wajen 25 ne, na etanol wajen 16, wato inolet ɗin da ke samuwa bai taka kara ya karya ba. Sauran matakan ma duk suna iya komawa baya, kuma etil asetoasetet, wato beta-keto estar da aka samu, bai fi esta biyun da suka haife shi kwanciyar hankali ba. Da a nan aka tsaya, abin da za a samu bai kai a wanke kwalba dominsa ba.

Amma CH2 ɗin da ke tsakanin kabonil biyu pKa ɗinsa wajen 11 ne. Etoksaid na ganinsa zai fizge furoton, da rinjaye kusan 10⁵, cajin ya bazu a kan oksijin biyu da kabon na tsakiya. Da ya ɗauki caji, etoksaid ba ya iya sake farke shi. Wannan matakin ne ke jan duk na baya, shi ne kuma ke cinye bes: etoksaid ya zama etanol, ya tafi ke nan. Saboda haka kowane mol na abin da ake nema sai mol guda na bes, wato mol ɗaya ga mol biyu na esta. Ku lura da lissafin nan, malamai na son tambayarsa.

Shaida kuwa, etil aisobiyutiret mai haidurojin alfa ɗaya tak ba ya ba da abin kirki da etoksaid, don bayan haɗuwar ba sauran furoton a tsakiya.

Bes ya dace da estar. Metoksaid zai musanya mata wutsiya, NaOH kuma zai fasa ta ta koma kaboksilet. A ƙarshe gishirin sodiyam ne a kwalba, sai an zuba asid mai ruwa-ruwa etil asetoasetet zai fito. Wanda bai rubuta H3O⁺ a mataki na ƙarshe ba, amsarsa ba ta cika ba.