Faifai a kan katakon da ba a kafe ba: warwarar tambaya ta uku ta hanyar Lagrange

Ɗaliban aji uku na sashen fiziks, assalamu alaikum. Na gama duba takardun gwajin da kuka yi ranar Alhamis, kuma tambaya ta uku ce ta fi cin maki. Tunda da yawanku za su tafi gida Daura da Mashi a ƙarshen mako, na rubuta warwararta a nan don ku tafi da ita ku bi a tsanake.

Ga tambayar. Katako mai nauyin M yana kwance a kan daɓe mai santsi, babu gogayya tsakaninsa da daɓen. A kansa akwai faifai cikakke marar rami, nauyinsa m, daga cibiyarsa zuwa gefe R. Faifan yana mirginawa ba ya zamewa. Ana jan katakon zuwa dama da ƙarfi F. A nemo ƙaruwar gudun katako da ta faifai.

Kafin a rubuta komai, sai a ƙirga abubuwan da ke iya canzawa. Akwai X, inda katako yake. Akwai x, inda cibiyar faifai take. Akwai θ, kusurwar da faifan ya juya, kuma mun ɗauki juyi irin na hannun agogo a matsayin gaba. X da x duka daga ƙasa ake auna su. Uku ke nan, amma ba kowanne ke cin gashin kansa ba, domin sharaɗin mirginawa ya ɗaure su.

A nan ne aka fi faɗuwa. Mafi yawanku kun rubuta x = Rθ, wanda daidai ne idan a kan ƙasa faifan ke mirginawa. To amma faifan bai taɓa ƙasa ba, katako yake takawa. Tazarar Rθ tafiya ce da ya yi a jikin katako, katakon kuma ya ɗauke shi ya yi tasa tafiyar da shi. Kamar fasinja ne da ke takawa a cikin doguwar mota tana gudu: takunsa daban, tafiyar mota daban, mai tsaye a bakin titi kuwa jimillarsu yake gani. Saboda haka:

x = X + Rθ

Yanzu saura biyu masu zaman kansu, X da θ. Zan sa alamar ' don canji da lokaci: X' gudu, X'' ƙaruwar gudu.

Kuzarin motsi kuma dole daga ƙasa a auna shi, domin katakon yana ƙara gudu, ba wurin tsayawa a yi awo ba ne. Ku riƙe waɗannan biyun tare: sharaɗin mirginawa a jikin katako, kuzari daga ƙasa. Ita θ ba ta da wannan matsalar, tunda katakon ba ya juyawa, kusurwar ɗaya ce ko daga ina aka dube ta. Ga faifai cikakke I = ½mR², don haka:

T = ½MX'² + ½m(X' + Rθ')² + ¼mR²θ'²

Babu abin da ke hawa ko sauka, sai dai F da bai canzawa, wanda za mu shigar a matsayin V = −FX. Ke nan L = T + FX.

Lissafin Lagrange na kowane ɗaya shi ne d/dt(∂L/∂q') = ∂L/∂q. Na X ya ba da:

(M + m)X'' + mRθ'' = F

Na θ ya ba da:

mR(X'' + Rθ'') + ½mR²θ'' = 0

Raba na biyun da mR, sai a sami Rθ'' = −(2/3)X''. Alamar ragin nan tana da ma'ana: katako na tafiya dama, faifai na mirginawa baya a kansa. A mayar da wannan cikin na farko:

X'' = F/(M + m/3)

x'' = X'' + Rθ'' = X''/3 = F/(3M + m)

Ku tsaya ku dubi amsar nan, don ita ce daɗin tambayar. Mai jan katako ba ya jin nauyin faifai duka, sulusinsa kawai yake ji. Kuma faifan, duk da yana komawa baya a kan katako, gaba yake yi idan aka duba daga ƙasa, da sulusin ƙaruwar gudun katakon. R ma ta ɓace gaba ɗaya. Ku gwada da hannunku: ku ɗora babban batirin tocila a kwance kan littafi mai kauri, ku ja littafin a kan tebur, ku sa yatsa alama inda batirin ya fara. Zai faɗo ta bayan littafin, amma gaba da yatsanku.

Mu sa lambobi. M = 2 kg, m = 6 kg, R = 0.1 m, F = 12 N. Sai X'' = 3 m/s², x'' = 1 m/s², θ'' = −20 rad/s². Idan faifan ya fara daga tsaye, mita 1 daga ƙarshen katako na baya, cikin daƙiƙa 1 zai kai baki. A lokacin katako ya yi mita 1.5, faifai ya yi mita 0.5. Aikin da F ya yi 12 × 1.5 = 18 J. Kuzarin katako 9 J, na tafiyar faifai 3 J, na juyinsa 6 J, jimilla 18 J. Ko kaɗan bai salwanta ba, domin wurin da faifai ya taɓa katako ba ya gurzar komai. Gogayyar tana rage wa katako kuzari tana ba faifai daidai abin da ta rage, shi ya sa ba ta fito a cikin L ba.

Wata daga cikinku ta rubuta a gefen takardarta: “Malam, ina gogayyar ta shiga?” Tambaya ce mai kyau. Mun haɗiye ta ne tun lokacin da muka sa x = X + Rθ. In ana son ganinta, sai a bar x da X da θ duka ukun, a ƙara λ(x − X − Rθ) a kan L. Za a sami:

mx'' = λ, MX'' = F − λ, Iθ'' = −Rλ

Wannan λ ita ce gogayyar kanta, λ = mF/(3M + m), wato 6 N a lambobinmu. Daga nan ne ake sanin iyakar lissafin: ba za ta wuce μmg ba, don haka F ≤ μg(3M + m). In aka fizgi katako da ƙarfin da ya wuce haka, faifai zai zame, sharaɗinmu ya rushe, amsar da muka samu kuma ba ta da amfani. Da g = 9.8 m/s², μ ta kai kimanin 0.102 ta isa.

Idan F = 0 fa? X ba ta fito a cikin L ba, gudunta kaɗai ya fito, saboda haka (M + m)X' + mRθ' ba ya canzawa. λ kuma sifili ce, kowa ya ci gaba da gudun da ya taso da shi.

Joseph-Louis Lagrange ya fitar da littafinsa Mécanique analytique a 1788 ba tare da zane ko ɗaya a ciki ba. Ni dai ina so ku yi zane, ku nuna X da x da inda θ ke juyawa, domin duk wanda ya zana su daidai a gwajin nan bai rubuta x = Rθ ba.

Aikin gida: a cire faifai a sa zobe, I = mR², sannan a sa ƙwallo cikakkiya, I = (2/5)mR². Ku nuna cewa mai jan katako zai ji m/2 a na farko, 2m/7 a na biyu, ku kuma fitar da λ ta kowanne. A kawo ranar Talata kafin azahar.