Tsarin Tafiyar Daura, Bikin Nasiru da Bilkisu

Assalamu alaikum. Baba Alhaji, Hajiya Inna, su Kawu da su Gwaggo, ina gaishe ku, Allah ya ƙara girma. Yayye da ƙanne, sannunku da shirye-shirye. Kabiru ne. Baba ya ce in rubuta tsarin tafiyar nan a wuri guda, kada gobe wani ya ce bai ji ba. Wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

In Allah ya kai mu, ɗaurin aure ranar Asabar ne 10 ga Janairu, ƙarfe 11:00 na safe, a ƙofar gidan su amarya a Daura. Za mu tashi daga Zariya ranar Juma'a 9 ga wata, mu dawo da amarya ranar Lahadi 11 ga wata. Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya: ba za mu yi tafiyar dare ba, zuwa ko dawowa. A kan wannan aka tsara lokutan nan duka, don haka mota ba za ta jira kowa ba.

Motoci uku ne. Bas biyu masu cin mutum 18, ɗaya ta mata ɗaya ta maza, sai motar Kawu Sani da za ta ɗauki Baba, Malam Liman da Kawu Bala, wakilin ango. Kuɗin kujera zuwa da dawowa naira 14,000 ne, a damƙa wa Yaya Rabi kafin magaribar Laraba. Yaron da za a ɗora a cinya ba ya biya, amma wanda ya wuce shekara shida a saya masa kujera, tafiyar da nisa.

Ranar Juma'a, ana idar da sallar asuba a nufo gidan Baba a Kwarbai. Ƙarfe 6:00 a fara loda kaya, 6:30 mu fita ta Ƙofar Doka. Mutanen Tudun Wada su fito bakin titi 6:40, ba za mu shiga lungu ba. Ƙarfe 7:00 muna Kwangila, ƙarƙashin gada. A nan na Sabon Gari, Samaru, Palladan da Hanwa za su same mu, kuma minti goma kacal za mu yi. Anti Maryam, da ke nake: a ɗaura ɗankwalin a cikin mota.

Sanyi ake yi sosai kuma akwai hazo, direbobi ba za su yi gudu da safe ba. A sa wa yara rigar sanyi da hula, a shafa musu mai tun daga gida.

Wajen 7:45 za mu tsaya Tashar Yari mu ɗauki Gwaggo Asabe da za ta fito daga Makarfi. Ba mai sauka. Tsayawa ta sosai sai Kwanar Ɗangora, 8:30 zuwa 8:50, mai kama ruwa ya kama, a sha shayi. Hajiya Inna za ta zo da waina da miyar taushe a kula, ba sai an sayi komai ba. Za mu wuce Kwanar Gafan da Kura ba tsayawa. Na san idon mata zai kai kan kwandunan tumatir, a daure, ranar dawowa an ware masa lokaci.

Ƙarfe 10:00 muna Na'ibawa a Kano. Su Yaya Hadiza da mai gidanta za su biyo mu da tasu motar daga nan, su ne kuma ke riƙe da huhun goro da dabino da alawar ɗaurin aure. Direbobi su sha mai a nan. Dole mu bar Na'ibawa 10:30, domin a nan tafiyar take lalacewa in aka yi wasa. Sai mun ratsa gari mun hau titin Katsina, ta Kurna da Bachirawa zuwa Dawanau, ga manyan motocin hatsi da ke shiga kasuwar, ga shi ranar Juma'a, da rana ta ɗaga masallatai ke fara tare tituna. Na ware awa guda cur. Don Allah kada wani ya ce zai leƙa Kantin Kwari ya ƙaro yadi ya same mu a gaba.

Daga Dawanau 11:30 sai mu karya hanyar Ɗambatta, mu wuce ta wajen 12:15, mu isa Kazaure kafin 1:00. A Kazaure maza za su yi Juma'a. Mata da yara su sauka gidan Gwaggo Ladi, ta ce tuwon shinkafa na jiran mu, kuma ta rantse ba wanda zai wuce bai ci ba. Ƙarfe 2:45 a koma mota. Kazaure zuwa Daura bai fi awa guda ba, in sha Allahu la'asar a Daura za mu yi ta.

Masauki biyu aka ba mu. Mata gidan yayar uwar amarya, maza gidan maƙwabcinsu. Kowa ya zo da bargonsa da abin shimfiɗa, kada mu ɗora wa mutane nauyi tun ranar farko. Da daddare su Gwaggo za su shiga gaida iyayen amarya, mutum shida sun isa.

Ranar Asabar maza su shirya 10:00. Sadaki yana hannun Kawu Bala. Bayan ɗaurin aure akwai walima, mata kuma yininsu 2:00 zuwa magariba, da anko. Wadda ba ta karɓi ɗinkinta ba ta karɓa ranar Laraba, kada a tsayar da mu saboda tela. Yara sun dame ni da maganar rijiyar Kusugu, inda ake cewa Bayajidda ya kashe macijiya. Da la'asar Sadiq zai kai masu so a bas ɗin maza, su dawo kafin kiran magariba.

'Yan jere daga dangin amarya za su riga mu zuwa Zariya da kayan ɗaki tun ranar Alhamis. Makullin gidan Nasiru na Gwargwaje yana wurin Zainab, ita da Inna Talatu za su tarbe su su ba su abinci, shi ya sa ba sa cikin tafiyar.

Ranar Lahadi a gama loda kaya 7:30. Na bar awa guda saboda nasiha da sallama da kukan amarya, wannan ba a hanzarta shi. Ƙarfe 8:30 mu tashi. Amarya za ta shiga motar Yaya Hadiza tare da gwaggonta, 'yan rakiya kuma da tasu bas ɗin, za su bi bayanmu. Kazaure 9:30, gaisuwa kawai daga bakin ƙofa. Na'ibawa 12:00, a sha mai. Kura 12:45, a nan za a yi azahar a ci abinci har 1:45, mai son shinkafa ya saya. Kwanar Gafan minti ashirin na tumatir da attaruhu, kwando ɗaya ɗaya, kuma a saman mota. Tashar Yari 3:30 mu sauke Gwaggo Asabe. Kwangila 4:15. Kai tsaye gidan Baba za a kai amarya ta gaida iyaye, bayan magariba a raka ta ɗakinta.

Motoci su tafi a jere, ta Kawu Sani a gaba. In ɗaya ta tsaya, duka a tsaya. Masu shan maganin hawan jini da na suga su sa shi a jakar hannu, kada ya shige cikin akwati a saman mota. A bas ɗin mata Yaya Rabi ce za ta ƙirga mutane duk inda aka tsaya, a ta maza ni ne.

Wanda zai je ya aiko min da sunansa da yawan yaran da zai zo da su kafin daren Talata, in san ko bas biyu za su ishe mu. Baba ya ce a yi sadaka kafin a fito, ko da ƙosai ne. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sanya albarka a auren nan.

Naku,
Kabiru