Neman Bayani Kan Ganawar Ƙarshe ta Aikin Akanta

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da aiki, ya iyali? Ni ce Rukayya daga Tudun Wada, wadda kuka yi wa ganawar ƙarshe kan aikin akanta ranar Talata a ofishinku na titin Ahmadu Bello. Yau sati 2 ke nan cif.

Ranar kin ce za mu ji daga gare ku cikin kwana 10, shi ya sa na ce bari in ɗan tuntuɓa. Na san ƙarshen wata ne, aikin albashi ya sha muku kai.

Har yanzu ina son aikin nan sosai, musamman da Manaja ya nuna mini yadda kuke son gyara lissafin kayan sito. Takardar bautar ƙasata da kuka tambaya kuma tana hannuna, ko gobe zan iya kawowa.

Don Allah, yaushe zan sa ran jin matsayarku?

Na gode, a huta lafiya.

Rukayya