Keken Hadiza

Shekara uku Hadiza tana ɗinki a shagonta na Agege, rabin aikin kyauta ne. Wannan ta ce a rage mata wuyan riga, waccan ta ari dubu biyar sai an ga hali. Ba ta taɓa iya cewa a'a ba, kalmar a maƙogwaro take maƙale mata.

Saura kwana biyu Sallah, Anti Rabi ta shigo da atamfa turmi biyu.

"Ƙanwata, na yaran nan ne, gobe da daddare nake so. Mu da ke ai babu lissafi."

Hadiza ta dubi kayan mutanen da suka biya tun farkon azumi, ta tuna kuɗin hayar da mai gida ke jira.

"Anti, ki yi haƙuri. Wannan karon ba zan iya ba."

Murya na rawa ta faɗa. Anti Rabi ta ja tsaki, ta kwashe kayanta ta fita ba sallama.

Gaban Hadiza ya dinga faɗuwa. Kafin magariba labari zai kai wa Umma a Kano, ta sani. Ta zauna tana jin hon ɗin danfo a titi, hannuwanta sun yi sanyi. Can ta sauke ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki. Ta sha ruwa, ta taka keke.