Amsar ɗaliban aji biyu ga sanarwar Malam kan sauya ranar jarrabawar Tsarin Sauti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, barka da wannan lokaci, da fatan Malam ya tashi lafiya tare da iyali, ya kuma ƙoƙari da mu. Ni ne wakilin ɗaliban aji biyu na sashen Hausa, masu karatun ƙarshen mako, kuma ina rubuta wannan amsa ne da yawun 'yan ajinmu, bayan na tuntuɓi duk wanda waya ta iya kai ni gare shi daga daren jiya zuwa hantsin yau Alhamis.

Mun ga sanarwar da Malam ya sanya a wannan zaure jiya Laraba bayan sallar isha'i. Abin da muka fahimta shi ne, jarrabawar Tsarin Sautin Hausa wadda jadawali ya ajiye ranar Asabar 25 ga Oktoba da ƙarfe 10 na safe, an dawo da ita ranar Alhamis 16 ga Oktoba da ƙarfe 8 na safe, saboda daga ranar Litinin 20 ga wata Malam zai fita zagayen duba ɗaliban aji uku da ke koyarwar gwaji a makarantu. Idan akwai inda muka yi kuskuren fahimta, muna roƙon Malam ya gyara mana tun yanzu, kafin maganar ta bazu a ƙauyuka ta bakin wannan da wancan. Muna godiya da Malam ya sanar da mu da kansa, kuma ya faɗi dalili, alhali ba dole ba ne ya faɗa. Mun san wannan fita ba zaɓin Malam ba ce, aiki ne da makaranta ta ɗora masa, kuma baɗi war haka, in Allah ya kai mu, mu ne za mu tsaya a gaban allo muna sauraron zuwan Malam. Saboda haka babu wanda yake jayayya da matso da jarrabawar. Abin da ya kawo mu shi ne ranar da aka zaɓa da kuma sa'ar, domin akwai wasu abubuwa na halin da muke ciki waɗanda muke ganin ya dace Malam ya sani kafin ya yanke hukuncin ƙarshe.

Mu 47 ne a wannan aji. Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, mutum 31 ne wayarsu ta nuna sun buɗe sanarwar. Na kira tara daga cikin sauran na karanta musu ita, saura bakwai ban same su ba, kuma ba sakaci ne ya hana su gani ba. Akwai ɗan ajinmu a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar wanda sai ya hau tudun bayan makarantarsu yake samun sabis, cajin wayar ma sai an tafi da ita gari mai sola. Irin waɗannan sukan ji labari ne ranar Asabar idan an haɗu a aji. Na aika musu da saƙon baki ta hannun maƙwabtansu, kuma da yardar Allah kafin gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa zai ji.

Babbar damuwarmu ita ce Alhamis ranar aiki ce. Kamar yadda Malam ya sani, mafi yawanmu malaman firamare ne da na Islamiyya, abin da ya sa muka zaɓi karatun ƙarshen mako ke nan tun farko. Na ƙirga mutum 29 da ke da aji a hannunsu ranar Alhamis da safe. Wanda yake makarantar da ke da malamai da yawa zai iya roƙon abokin aiki ya riƙe masa, amma akwai waɗanda su biyu ne ko uku a makarantar gaba ɗaya, har da shugaban, kuma idan ɗaya ya tafi sai an haɗe azuzuwa a ƙarƙashin bishiya ko a sallami yara. Izinin fashin aiki kuwa ba ya samuwa da baki kawai, wasu shugabannin sai sun ga takarda, wasu kuma sukan ce sai an sanar da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda hakan kan ci kwanaki.

Sai maganar hanya. Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari, kuma duk wanda yake zaune a wannan yanki ya san yadda safiyar ranar take. Tun da asuba motocin da suka saba ɗaukar fasinja daga ƙauyukan Gagarawa da Garki da Sule Tankarkar sukan cika da fatake da awaki da buhunan riɗi, musamman yanzu da kaka ta kama, 'yan acaɓa ma can suke nufa, wanda ya rage kuma sai ya ninka kuɗi. Ni kaina na taɓa tsayawa a bakin titi tun bayan sallar asuba har rana ta take, motoci suna wucewa a cike, direba yana ɗaga mini hannu kawai alamar babu wuri. Mai babur ɗinsa zai iso ƙarfe 8 ba tare da wahala ba. Wanda zai fara taka sayyada daga ƙauye zuwa bakin kwalta, sannan ya jira mota, da wuya ya iso kafin 10. 'Yan uwanmu mata sun fi kowa shiga wannan hali, domin shida daga cikinsu suna da goyo, kuma kwana a gari tun ranar Laraba ba abu ne da kowace za ta samu izininsa daga gida ba.

Akwai kuma mutum huɗu da suke maimaita wani kwas na aji ɗaya a sashen Ilimi, kuma jadawalinsu ya nuna za su rubuta shi a wannan Alhamis ɗin da ƙarfe 9 na safe. Idan aka bar tamu a ƙarfe 8, dole su bar ɗaya. Zan tura wa Malam lambobinsu ta saƙon keɓe, don kada a baza su a nan.

Saboda waɗannan dalilai muke roƙon Malam, idan da hali, a mayar da jarrabawar ranar Asabar 18 ga Oktoba da ƙarfe 10 na safe. Wannan rana tana gabanin fitar Malam da kwana biyu, dama kuma ranar darasinmu ce da Malam, don haka ɗakin da muke zama yana hannunmu, babu wanda zai nemi izini a wurin aiki, kuma babu karo da kowace jarrabawa a jadawalin da ke hannuna. Idan kuwa akwai abin da ya hana Asabar ɗin, wanda mu ba mu sani ba, to muna roƙon a bar ta a Alhamis amma a ɗaga ta zuwa ƙarfe 12 na rana. A lokacin hanya ta yi sauƙi, malamai sun samu sun koyar da darasin farko kafin su taso, masu maimaita kwas sun fito, kuma za a gama da ƙarfe 2 a yi sallar azahar, na nesa su kama hanya da sauran rana. A wannan hali za mu buƙaci Malam ya taimaka mana da gajeriyar takarda mai hatimin sashe da ke nuna sabuwar ranar, wadda za mu yi hotonta mu kai wa shugabannin makarantunmu.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, akwai sauran magana a kan karatun kansa, kuma ita ce ta fi yawa a cikin kiran da na samu. A tsohon jadawali muna da zama biyu da Malam kafin jarrabawa, na 11 da na 18 ga wata. Yanzu saura ɗaya tak, wato na jibi. Mun kammala gaɓoɓin furuci, da baƙaƙe da wasula, da tsarin gaɓa iri uku, da naso, da leɓantawa. Ganɗantawa kuwa mun fara ta ne a ƙarshen zaman da ya wuce, Malam ya rubuta mana mota da motoci, ƙasa da ƙasashe, kasuwa da kasuwoyi a allo, ya nuna yadda t da s da w suke sauyawa idan wasalin i ko e ya biyo su, sai lokaci ya ƙare muna tsakiyar tambaya a kan gida da gidaje. Karin sauti ba mu taɓa shi ba ko kaɗan, kuma shi ne abin da kowa yake tsoro. Mun san akwai karin sama da na ƙasa da faɗau, amma sanin sunansu daban, sanya alamarsu a kan kalma daban. A makon jiya mu biyar muka zauna a kan kalmar fari, ta launi da ta rashin ruwan sama, kowa yana furta ta daidai tun yana yaro, amma da aka zo ɗora alama sai gardama ta kaure, har muka tashi ba mu daidaita ba. Shi ya sa muke son Malam ya fayyace mana ko karin sauti yana cikin abin da za a tambaya. Idan yana ciki, muna roƙon a ba shi zaman jibi gaba ɗaya, kuma a shirye muke mu ƙara awa ɗaya ko biyu bayan azahar idan Malam yana da sarari. Idan ba ya ciki, sanin hakan zai sa mu mayar da hankali kan abin da aka riga aka koyar. Jarrabawar tana ɗauke da maki 60 cikin 100, kuma da yawanmu ba su taka rawar gani ba a gwajin farko, don haka babu mai son ya shige ta da ka.

Haka nan aikin jinga da aka ce a miƙa ranar jarrabawa, muna son sanin ko ya bi sabuwar ranar, ko yana nan a 25 ga wata. Idan yana nan, zan iya tattara shi in kai ofishin sashe in sa hannu, tunda Malam ba ya gari a lokacin. Sanarwar kuma ba ta ambaci ɗakin da za a zauna ba, shi ma muna jiran bayani.

'Yan uwa ɗalibai, ina roƙon mu dakata da turo saƙonni a nan har Malam ya amsa, don kada maganarsa ta nutse a cikin namu. Mai wani uzuri da ban ambata ba ya kira ni kai tsaye. Kafin mu ji daga Malam, kowa ya ɗauka jarrabawa tana nan ranar Alhamis 16 ga wata da ƙarfe 8, ya ci gaba da shiri a kan haka.

Allah ya gafarta Malam, duk abin da Malam ya yanke za mu bi shi. Roƙonmu kawai shi ne mu ji matsayar kafin zaman jibi Asabar, ko a cikinsa, domin masu neman izini su samu miƙa takardunsu ranar Litinin. Idan akwai kalmar da ta yi kaushi a cikin wannan rubutu, Malam ya yafe mana. Allah ya saka da alheri, ya kai Malam zagayensa lafiya, ya dawo da shi lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Wakilin aji biyu, sashen Hausa, a madadin 'yan aji.