Tambayoyi da amsoshi: DELETE, TRUNCATE da DROP

Ga amsoshin tambayoyin da 'yan ajin Asabar na cibiyarmu ta koyon kwamfuta a Ringim suka yi a kan umarnai uku na goge bayanai a harshen SQL. Misalinmu bai canza ba, teburin `manoma` ne mai sunayen waɗanda suka karɓi takin zamani a damina, kuma da manhajar ajiye bayanai ta MySQL muke aiki.

Malam, ai duka ukun gogewa suke yi. Ina bambancin?

Bambancin yana ga abin da ya rage bayan an gama. Ka ɗauki tebur kamar rumbu. DELETE shi ne ka shiga ka zaro damin da kake so, ko ɗaya ko goma. TRUNCATE kwashe hatsin ne kaf, a bar rumbun a tsaye yana jiran kaka. DROP kuwa rushe rumbun ne da abin da ke cikinsa.

```sql
DELETE FROM manoma WHERE lamba = 14;
TRUNCATE TABLE manoma;
DROP TABLE manoma;
```

Bayan na ukun, in ka nemi teburin, MySQL zai jefo maka kuskure mai lamba 1146, wato babu tebur mai wannan suna.

In na manta ban sa WHERE ba fa?

Sai kowa ya tafi, daga Malam Sani na layin farko har na ƙarshe. DELETE ba ya tambayar ko ka tabbata. MySQL Workbench, manhajar da ake rubuta umarnan a ciki, yakan tare ki da kuskure 1175, amma kada ki dogara da wannan, Hajara, ba ko'ina za ki same shi ba. Ki fara duba abin da za ki goge da SELECT, da sharaɗin WHERE ɗin nan dai, ki ga layukan da idonki, sannan ki mayar da shi DELETE.

To in duka nake son gogewa, DELETE ba WHERE da TRUNCATE ba ɗaya ba ne?

A ido ɗaya ne, a aiki ba ɗaya ba. DELETE bin layuka yake yi ɗaiɗai, yana rubuta kowanne a kundin ayyuka don a iya komawa baya, shi ya sa yake jan ƙafa a babban tebur. TRUNCATE ba ya bi ta kan layuka, MySQL jefar da teburin yake yi ya sake gina fanko, nan take. Saboda haka ba ya karɓar WHERE, kuma `trigger` ɗin da aka ɗora wa DELETE, wato umarnin da ke gudana da kansa in an goge layi, ba ya tashi.

Sai batun lamba, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. A ce manomi na ƙarshe lambarsa 240. In ka goge da DELETE, sabon wanda ka shigar 241 zai samu, don `AUTO_INCREMENT`, mai ba kowane sabon layi lamba, bai manta inda ya tsaya ba. In TRUNCATE ne, lissafi ya koma 1. Ga rijistar sabuwar damina wannan daidai ne. Amma in akwai rasitan bara a hannun mutane masu tsofaffin lambobi, sai a wayi gari mutum biyu suna da'awar lamba ɗaya.

Ana iya dawo da abin da aka goge?

Da DELETE ana iyawa, muddin ka buɗe ƙofar komawa tun kafin ka goge:

```sql
START TRANSACTION;
DELETE FROM manoma WHERE unguwa = 'Gabas';
ROLLBACK;
```

In ba ka rubuta layin farkon ba, MySQL tabbatar da kowane umarni yake yi da zarar ya gudana, ROLLBACK ba zai tsinana maka komai ba. TRUNCATE da DROP kuwa, a MySQL da Oracle, ba sa jin ROLLBACK sam. A PostgreSQL da SQL Server suna ji, in a cikin `transaction` aka yi su. Don haka wanda ya ce muku "TRUNCATE ba ya komowa", ku tambaye shi a wace manhaja yake nufi.

Ranka ya daɗe, na gwada TRUNCATE ya ƙi.

Teburin `rabon_taki` ne ya riƙe shi, don yana jingine da lambobin `manoma` ta `FOREIGN KEY`. Kuskure 1701 ke nan. Ba matsala ba ce, kariya ce. Fara share na rabon, sannan ka yi wa `manoma` DELETE. Masu gwaji da SQLite a waya kuma, babu TRUNCATE a can ko kaɗan, DELETE ba WHERE ake yi.

Yaushe zan yi DROP ke nan?

Sai in teburin kansa ne ba ka so, kamar na gwajin da muka ƙirƙira makon jiya. A kan bayanan jama'a, ni ban yarda ɗalibi ya taɓa DROP ko TRUNCATE ba sai ya nuna mini kwafin da ya ajiye a filas. A umarnin nan, `kungiya` sunan `database` ɗin da teburin ke ciki ne:

```bash
mysqldump -u root -p kungiya manoma > manoma.sql
```

Ranar Asabar kowa zai gwada ukun a kan teburin `gwaji`, ya rubuto mini lambar da sabon layi ya samu bayan DELETE da kuma bayan TRUNCATE.