Wasiƙar neman shafukan bayanin asusun banki da suka ɓace

Titin Zoo, Kano
Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Alhaji Sabi'u,
Kasuwar Dawanau, Kano

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, iyali da kasuwa duk lafiya. Allah Ya sa haka, amin.

Takardun da ka aiko Musbahu da su ranar Laraba sun iso hannuna, har da hotunan da ya turo ta WhatsApp. Rasitan sayen riɗi da zoɓo sun cika, littafin sito ma ba shi da matsala. Inda aiki ya tsaya mini shi ne takardar bayanin asusun kamfani ta shekarar 2024, asusun da lambarsa ta ƙare da 4417.

Bankin ya buga ta shafi 48, amma 45 ne a wurina. Babu shafi na 31, 32 da 33, waɗanda suka ɗauko daga 4 zuwa 19 ga Nuwamba, wato tsakiyar kakar riɗi, lokacin da kuɗi suka fi kai-kawo a asusun. A ƙasan shafi na 30 ragowar kuɗin ₦18,460,500 ne. Shafi na 34 kuma ya buɗe da ₦5,912,300. Tsakaninsu akwai ₦12,548,200 da ban ga hanyar da suka bi ba, kuma wannan bambanci ne kawai. Abin da ya shiga ya fita a kwanakin nan zai iya ninka haka. Na san kaya aka saya da su, don littafin sito ya nuna buhunan da suka shigo a makonnin. Amma sanina ba hujja ba ne a gaban mai binciken kuɗi ko jami'in haraji. Kuɗin da aka kashe ba shaida ana iya ƙin cire shi daga riba, sai a ɗora maka harajin ribar da ba ka ci ba. Wannan nake guje maka.

Akwai kuma shafi uku da suka zo amma ba sa karantuwa. Na 9 hasken waya ya haske tsakiyarsa. Na 41 an datse gefen dama, inda ragowar kuɗi take. Na 22 shi ya fi damuna: akwai kuɗin da suka shigo ranar 14 ga Agusta, na ƙara girman hoton har lambobin suka tarwatse, ban iya rabe ₦380,000 ne ko ₦880,000 ba. Rabin miliyan ne tsakani, kuma ba zan sa hannu a kan lissafin da na yi da ka ba.

Musbahu ya ce alat ɗin duk suna cikin wayarka. Suna taimakawa, amma ba za su tsaya a madadin takardar ba, domin ba kowane cajin banki ne ke zuwa da alat ba, kamar naira 50 ɗin da aka riƙa cira a 2024 idan dubu goma ko fiye ta shigo. Ƙanana ne, sai dai idan babu su lissafin ba zai haɗu ba.

Mafi sauƙi, ka sa ma'aikacin bankin da ke kula da asusunka ya turo ta shekarar gaba ɗaya, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, a PDF ta imel ɗinka, kai kuma ka turo mini yadda take. Idan ta takarda za a karɓo, a buga hatimin banki a kowane shafi, Musbahu ya kawo ofis mu yi kwafi da kanmu. In kuwa dole sai hoto, a shimfiɗa takardar a kan tebur da rana, a kashe fitilar waya, kusurwa huɗu su fito, a turo a matsayin Document don kada WhatsApp ya rage masa kyau. Lambar sirrin katinka ko ta manhajar banki kuwa ba na buƙatarta, kada ka ba kowa ko da ya ce ni na aiko shi.

Kamfanin da ke rufe littafinsa a Disamba, 30 ga Yuni ne wa'adinsa na miƙa bayanan haraji ga hukumar tara haraji ta tarayya. A dokar da ke aiki a 2025, wanda ya makara tarar ₦25,000 ce a watan farko, sai ₦5,000 kowane wata bayan nan. Ga hutun Babbar Sallah a farkon Yuni, ga mai bincike da zai buƙaci aƙalla mako biyu. Don Allah takardun su iso ni kafin Alhamis, 22 ga Mayu. Idan bankin ya ja ƙafa, ka kira ni in rubuta maka takardar nema ka sa hannu.

A gaida Hajiya da yara. Allah Ya ƙara buɗi.

Naka,
Nura Garba
Akanta